Kuɗin Ƙarin Lokaci: Yadda Muka Lissafa Haƙƙin 'Yar'uwarmu Muka Karɓo

(Jawabin da wakiliyar 'yan ajin yaƙi da jahilci ta gabatar a taron cikar shekara na ƙungiya)

Mu 'yan aji aka ce mu fito mu faɗi abin da karatu ya tsinana mana a bana. Muka zauna muka yi shawara, muka ga gara mu ɗauki abu guda mu baje shi sosai, da mu yi ta lissafo abubuwa barkatai. Abin da muka zaɓa shi ne maganar kuɗin ƙarin lokaci, wanda ma'aikata ke kira obatayim, wato kuɗin awoyin da mutum ya yi yana aiki bayan lokacin tashinsa ya wuce.

Wata za ta ce, to mu 'yan kasuwa ina ruwanmu da wannan? Da ruwanmu mana. A cikinmu akwai masu aiki a gidan burodi, akwai masu tsintar riɗi da zoɓo a sito, akwai masu shara a asibiti mai zaman kansa. Wadda ba ta yi kuma, ɗanta ko 'yarta na yi a kamfanin ruwan leda ko shagon ɗinki. Idan ba a biya su ba, zubin adashi ne ke tsayawa, kuma mu ne muke gani a littafin ma'aji.

Abin ya faru ne da wata 'yar'uwarmu da ke nan zaune, ta kuma yarda mu faɗa, amma ba za mu kama sunanta ko sunan wurin aikinta ba. Tana sa burodi a leda a wani gidan burodi. Albashinta naira 52,000 a wata. Tana shiga ƙarfe 7 na safe ta tashi 3 na rana, Litinin zuwa Asabar, Lahadi hutu. Da azumi ya matso, manaja ya ce ciniki zai ƙaru, duk mai iya tsayawa bayan ƙarfe 3 za a ba ta naira 400 a kan kowace awa, wadda ta zo ranar Lahadi kuma naira 600 a awa. Ta tsaya, da azumi a bakinta, a ɗakin da ke maƙwabtaka da tanda. Ana gobe jajibiri aka turo mata 5,000, aka ce sauran sai bayan Sallah. Bayan Sallah aka ce ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo, albashi ya shigo, ƙari shiru.

Sau biyu tana zuwa wurin manaja tana cewa, “Oga, kuɗin obatayim ɗina fa?” Shi kuwa sai ya ce, “Nawa ne?” Sai ta ce, “Ai da yawa.” Sai ya ce za a duba. A nan maganar ke mutuwa. Mu da muke kasuwa mun san wannan. Ba a zuwa wa mai cin bashi a ce masa “ina bin ka da yawa”. Littafi ake buɗewa a ce ran kaza ka ɗauki tiya kaza a kan kaza, ka kawo kaza, saura kaza. Bashin aiki ma haka yake. Ƙafa uku yake tsayawa a kai kamar murhu: awoyin da aka yi, farashin da aka yi alkawari, da jimillar abin da ya rage. In ɗaya ta ɓace, tukunya ta kife.

Bari mu fara da awoyi. Sa'ar da muka yi ita ce, a aji malama ta koya mana karanta agogo da rubuta kwanan wata, ta ce kowa ta riƙa rubuta abin da ta yi kullum don hannu ya faɗa. 'Yar'uwarmu sai ta riƙa rubuta lokacin shigarta da na tashinta a bayan littafinta na aji. Ba don rigima ta yi ba, aikin gida ta ɗauke shi. Kowane layi ga yadda yake: rana da kwanan wata, shiga 7:00, tashi 5:00. Shi ke nan. Mu muka ƙara masa gida na huɗu, muka rubuta ƙari awa 2, tunda daga 3 zuwa 5 awa biyu ce.

Muka bi mako-mako. A makon farko kwana shida tana tashi ƙarfe 5, awa biyu-biyu sau shida, 12 ke nan. A mako na biyu tana tashi ƙarfe 6, awa uku-uku, amma kwana biyar ta yi, domin rana ɗaya ɗanta ba shi da lafiya ba ta je ba, 15 ke nan. A mako na uku kwana shida tana tashi ƙarfe 6, muka yi saurin rubuta 18. Sai wata a cikinmu mai ido ta ce a dakata, ranar Laraba ai 8:00 aka rubuta a wurin shiga, ba 7:00 ba. Ashe ta makara da awa ɗaya. Awa takwas na farko ai na albashi ne, sai sun cika kafin a fara ƙirga ƙari. Daga 8 zuwa 6 awa goma ce, ƙarin biyu ne ba uku ba. Muka gyara ya zama 17. A mako na huɗu kwana huɗu ta tashi ƙarfe 6, kwana biyu kuma har 7 na dare, a can ta sha ruwa. Uku sau huɗu 12, huɗu sau biyu 8, ya zama 20. Da muka tara 12 da 15 da 17 da 20, muka samu awa 64. Lahadi kuwa sau biyu ta je, awa biyar-biyar, awa 10. Waɗannan muka ware su daban, tunda farashinsu daban ne.

Ita kanta ta so a bar wannan awa ɗayar, ta ce ai ba wanda zai lura. Muka ce a'a. Naira 400 ce kawai, amma in manaja ya kama kuskure ɗaya a takarda, zai ce duka ƙarya ce, ya jefar. Mai awo da ta cusa yatsa a mudu sau ɗaya, ko ta cika shi fal gobe ba a yarda da ita. Don haka ranar da ba ki je ba ki rubuta ba ki je ba, ranar da kika makara ki rubuta makararki. Kuma a rubuta a ranar, kafin a kwanta. Rubutun da aka zauna aka zuba rana ɗaya bayan wata biyu, da biro ɗaya da hannu ɗaya, ana gane shi, kuma mantuwa ta riga ta shiga.

Rubutunki shi kaɗai shaida ce, amma ya fi ƙarfi in yana da abokin tafiya. A wurin aikinta rajistar da suke sa hannu ta shiga ce kawai, ba ta tashi. Amma maigadi yana da littafinsa na ƙofa, inda yake rubuta fitar ma'aikata. Wani wurin kuma akwai takardar jerin masu aiki da ake liƙawa a bango, wannan a ɗauke ta hoto da waya in ba a hana ba. Ko saƙon da kika tura gida cewa ga ki nan kin taso, yana ɗauke da lokaci a jikinsa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗauke littafin wurin aiki a ɓoye a kawo gida. Wannan sai mai gaskiya ta koma mai laifi.

Ƙafa ta biyu ita ce farashi, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Akwai masu cewa doka ta ce awar ƙari ninki ɗaya da rabi ce, ta ranar hutu ninki biyu. Wasu kamfanoni suna biyan haka, gaskiya ne, amma yarjejeniyarsu ce. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 13, abin da ta ce shi ne lokutan aiki na kullum su ne waɗanda aka daidaita a kai, ko tsakanin ma'aikaci da mai aiki, ko ta hanyar ƙungiyar ƙwadago, ko hukumar tsayar da albashi. Duk awar da aka sa mutum ya yi sama da wannan, ƙarin lokaci ce. Amma dokar ba ta yanke ko naira nawa za a biya ba. Ashe ke nan farashin yana wurin alkawari. In ba ki iya nuna alkawarin ba, ƙafarki ɗaya ta yi rauni.

Shi ya sa muka tambaye ta, a ina ya faɗi 400 ɗin nan? Ta ce a zauren WhatsApp na ma'aikata, da muryarsa. Muka ce maza ta nemo. Allah ya sa ba ta goge ba. Muka saurara, ga shi ƙarara, naira ɗari huɗu kowace awa bayan ƙarfe uku. Muka tura saƙon zuwa wayar sakatariya don kada waya ta lalace ko a goge daga can. Na Lahadi kuwa da baki ya faɗa, a gaban mutum biyu. Ɗaya ta ce ba ruwanta, tana tsoron aikinta, kuma ba mu ga laifinta ba. Ɗayar ta ce in an tambaye ta za ta faɗi abin da ta ji.

Darasin da muka ɗauka a nan shi ne, in an yi miki alkawari da baki, ki mayar da shi rubutu a ranar, cikin ladabi. Ki tura saƙo ki ce, “Oga, don kada in manta, ka ce Lahadi naira 600 ce a awa ko?” In ya amsa da “eh” kawai, kin samu abin riƙewa. Kuma mu sani, sashe na 7 na wannan dokar ya ɗora wa mai aiki ya ba ma'aikaci takarda, kafin ya wuce wata uku da fara aiki, mai nuna irin aikin, da albashi da yadda ake lissafa shi, da sharuɗɗan lokutan aiki. 'Yar'uwarmu ta fi shekara a wurin ba ta taɓa ganin irin wannan takarda ba. Neman ta ba rashin kunya ba ne.

To idan ba a yanke farashi ba sam, aka ce kawai “ku tsaya za a gani”? Ba a rasa madafa. Sai a fitar da kuɗin awa ɗaya daga albashi. Ita albashinta 52,000, kwanakin aikinta a wata kamar 26. Raba 52,000 gida 26, ya ba da 2,000 a rana. Raba 2,000 gida takwas, ya ba da 250 a awa. Wannan shi ne kuɗin awarta ta kullum, kuma hankali ba zai ɗauka a ce awar gajiya ta yamma ta gaza ta safe daraja ba. Sai a tsaya a kan 250 a matsayin mafi ƙaranci, a nemi sama da haka in wurin sun saba biyan fiye. Amma ku dubi bambancin: awa 64 a kan 250, 16,000 ne, a kan 400 kuwa 25,600. Saƙon murya ɗaya da ba a goge ba, 9,600 ya tsare mata.

Ƙafa ta uku ita ce jimilla. Awa 64 sau 400 ya ba da 25,600. Awa 10 na Lahadi sau 600 ya ba da 6,000. An tara, 31,600. An ɗebe 5,000 da aka riga aka turo, saura 26,600. Mutum uku muka sa suka lissafa, kowa da takardarta, sannan muka gwada da kalkuleta ta waya. Duk suka faɗa wuri ɗaya. Kuɗin da aka taɓa ba ki, komai ƙanƙantarsa, ki rubuta ki cire da hannunki, kada ki jira a tuna miki.

Daga nan muka rubuta wasiƙa. Gajera ce, babu zagi, babu kuka, babu barazana. Bayan kwanan wata da sunanta, ga abin da ke ciki:

“Zuwa ga Manaja. Bayan gaisuwa, ina tunatar da kai kuɗin ƙarin lokacin da na yi a makonni huɗu na azumi. A ranakun aiki na yi awa 64 a kan naira 400, kamar yadda ka faɗa a saƙon murya, ya kama 25,600. A Lahadi biyu na yi awa 10 a kan naira 600, ya kama 6,000. Jimilla 31,600. An turo mini 5,000, saura naira 26,600. Ga jerin ranaku da lokuta na haɗa da wannan takarda. In akwai inda lissafinku ya saɓa da nawa, a nuna mini mu duba tare. Ina roƙon a biya ni cikin mako biyu. Na gode.”

Muka yi kwafi biyu. Ɗaya ta miƙa, ɗaya ta roƙi akawu ya sa hannu da kwanan wata cewa ya karɓa, ta dawo da ita gida. Littafinta na asali bai bar hannunta ba, hotonsa kawai aka buga aka haɗa.

Kwana tara sannan aka kira ta. Ta tafi da ɗaya daga iyayenmu na ƙungiya, ba don faɗa ba, don a samu kunne na uku. Manaja ya kawo magana biyu. Ta farko, ya ce ai an ba ta goron Sallah 3,000 da burodi, a cire. Hajiyarmu ta ce, “Ranka ya daɗe, goron nan waɗanda suka tsaya kawai aka ba, ko kowa da kowa?” Ya ce kowa. Ta ce, “To ashe kyauta ce, Allah ya saka da alheri, amma ba ladan aiki ba ce.” Burodi kuwa ba a biyan lada da shi, domin doka ta ce da kuɗi ake biyan ma'aikaci. Ya bar wannan.

Ta biyu, ya sa aka ɗauko littafin maigadi aka bi rana-rana. Duk suka yi daidai, har da Larabar da ta makara, sai rana ɗaya a makon ƙarshe: ita ta rubuta 7:00, maigadi ya rubuta 6:30. Ta yi shiru ta tuna, ta ce gaskiya ne, ranar sun fito sun sha ruwa a bakin ƙofa, sai da ta kama hanya ta duba agogo. Rabin awa naira 200 ce, aka cire, ya zama 26,400. Maganar Lahadi bai ma yi musu ba, ba a kai ga kiran shaida ba. Muna ganin da ya ga ta cire wa kanta awar makara, ya san ba da wasa aka zo ba.

Ya ce ba za a iya biya gaba ɗaya ba. Aka rubuta a takarda, 13,400 a ƙarshen wannan watan, 13,000 a ƙarshen na gaba, ya sa hannu ta sa hannu. Muka ja mata kunne kada ta sa hannu a kan wata takarda mai cewa an gama biyanta sai kuɗin ƙarshe ya shigo. Na farko ya zo a kan lokaci, na biyu ya yi lattin mako guda, amma ya zo.

Kada mu ɓoye muku ɗaya gefen. Azumin bara ma ta yi irin wannan aikin, lokacin ba ta fara aji ba, ba ta da ko layi ɗaya a rubuce. Wannan ya tafi, ba mu ma sa shi a wasiƙa ba, don ba mu da lambar da za mu rubuta. Abokan aikinta na bana da ba su rubuta ba, abin da aka ga dama aka ba su. Kuma ta yi kwanaki ba ta barci da kyau don tsoron kora. Tsoron nan ba na banza ba ne, mai aiki yana iya sallamar mutum in ya ba da notis. Sashe na 11 ya ce wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, notis ɗin mako ɗaya ne. Sai dai sallama ba ta goge bashi. Ko an sallame ki, awoyin da kika yi kin yi su, kuɗinsu naki ne. Kowa ta auna halin da take ciki, ta yi shawara da mutanen gidanta kafin ta miƙa takarda. Ita dai har yau tana bakin aikinta.

Da ya ƙi biya fa? Da sai wasiƙa ta biyu zuwa ga mai gidan burodin kansa, domin wani lokaci mai wuri bai san abin da manaja ke yi ba. In ba a dace ba, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ofis a jihohi, jami'anta suna karɓar koke su kira ɓangarorin biyu a sasanta. Mai ƙungiyar ƙwadago a wurin aikinta kuma ta fara da wakilinsu. Ƙarshen hanya ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a garuruwa irin su Kano da Kaduna da Jos da Abuja. Amma kotu tana cin lokaci da kuɗin mota, a kan 26,000 mutum ɗaya sai ya yi tunani. In ma'aikata goma ne abu ɗaya ya shafa, kowa da lissafinta, to magana ta yi nauyi. Kuma duk ƙofar da kika ƙwanƙwasa, tambayoyi ukun nan za a yi miki: awa nawa, a kan nawa, saura nawa.

Kafin mu zauna, mu juyo da madubi. A cikinmu akwai masu yaran shago da masu taya suya da ɗinki. Daren Sallah muna riƙe su har sha ɗaya, mu sallame su da “Allah ya yi albarka”. Mu ma mu yanke farashi tun kafin a fara, mu rubuta, mu biya.

'Yan aji mun roƙi shugabanni, sun kuma amince, sakatariya za ta ajiye samfurin takardar nan mai gida huɗu, rana da shiga da tashi da ƙari, tare da kwafin wasiƙar ba suna. Mai buƙata, don kanta ko ɗanta ko maigidanta, ta zo ranar zubi ta karɓa. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna ta zo da lokutanta ko a jikin kalanda ne, za mu zauna mu lissafa tare.